Rarar Wake da Amalanken Kawu

Shekarar da na gama karatun lissafin kuɗi a jami'ar Tawa ban samu aikin gwamnati ba. Ina riƙe wa wani mai sayar da siminti lissafin shagonsa, ina kwana a ɗakin haya bayan tasha, sai kawuna, yayan mahaifiyata, ya zo daga ƙauyenmu da ke arewa da Barmu ya same ni. Ya ce ma'ajin ƙungiyarsu ta manoman wake ya tsufa, idonsa ya daina ganin rubutu, kuma shi da bakinsa ya shaida wa dattawa cewa yana da ɗa wanda ya karanta ilimin kuɗi har ƙarshensa. Ina da ƴar gonar da mahaifina ya bar mini, wadda Inna ke nomawa, saboda haka na cancanci shiga. Na biya kuɗin hannun jari, taro ya zaɓe ni ma'aji. Ya kamata in rubuta wannan tun da farko don kada a manta: kawu ne ya ɗora ni a kan kujerar.

Aikin ƙungiyar ba shi da wuyar fahimta. Da kaka, lokacin da wake ya cika kasuwa farashinsa ya faɗi, ƙungiya takan saya daga hannun ƴaƴanta, ta biya nan take, ta zuba a buhunan da ke hana ƙwari, ta jibge a magaza, wato ɗakin ajiyar da suka gina da dutse a bakin gari. Da bazara, idan farashi ya hau, ta sayar wa ƴan kasuwar Tawa. Kuɗin sayen kuwa rabinsa na ƙungiya ne, rabinsa bashi ne daga wani asusun lamuni na cikin birni. Kawu yana cikin waɗanda suka kafa ta. Duwatsun da aka gina magazar da su, da yawansu amalankensa ne ya sauko da su daga kan tudu, lokacin da baƙin san da ke jan amalanken ke da ƙarfi.

Tsohon ma'aji yana da hanyarsa ta ba da rahoton shekara, kuma sai da na zauna da shi sau da dama na gane ta. Ba ya taɓa faɗin abin da ƙungiya ta samu. Yakan ware wani abu da ido, ya ce wannan na ɓacin rana ne, ya gaya wa shugaba su biyu, sannan ya kawo sauran a faifai ya ajiye a kan tabarma gaban taro. A nan za a kasa shi daidai wa daida, kowa kashi ɗaya, kamar yadda ake kasa naman watanda idan mutane sun haɗa kuɗi sun yanka saniya da salla. Ban zarge shi da cin ko dala ba, kuma har yau ban zarge shi ba. Abin da yake warewa shi ya gina magazar. Sai dai shekarar da ta gabaci zuwana, ƙungiyar ta yi rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin gama kai domin asusun lamuni ya yarda ya ci gaba da ba ta bashi. An kawo musu takardar dokoki da Faransanci, an karanta musu kanunta cikin gaggawa, kowa ya dangwala yatsa. Ni ne mutum na farko a garin da ya karanta ta daga farko zuwa ƙarshe.

Shekarata ta farko ta zo da kyau. Wake ya yi tsada da bazara fiye da yadda muka zata. Da na cire kuɗin da muka saye shi, da na buhuna, da ladan mai gadi, da kuɗin mota zuwa Tawa, da bashin asusun lamuni tare da abin da ya hau kansa, da asarar buhunan da danshi ya ɓata a kusurwar da rufi ke yoyo, da darajar da sikelinmu ya rage saboda aiki, sai ga rara mai kauri ta saura. Na sake lissafin har na gaji da kaina, ina tsoron kada wani sifiri ya ɓuya mini. Daga nan na yi abin da takardar dokoki ta ce a yi: na kira kwamitin sa ido, mutum uku da taro ya zaɓa don su binciki aikinmu, na karanta musu lissafin layi bayan layi kafin ranar taro. Ɗaya daga cikinsu abokin darar kawu ne. Na lura cewa da na faɗi jimillar rarar ya gyara zama, amma da na shiga bayanin yadda za a karkasa ta hankalinsa ya riga ya fita waje. Washegari babu gidan da bai san jimillar ba, kuma babu gidan da ya san sauran maganar.

Kawu yana da dalilin da zai sa ya riƙe wannan jimilla da hannu biyu. Sansa ya mutu ana tsakiyar girbi, cikinsa ya kumbura da rana, kafin magariba an ja shi bayan gari. A wurinmu amalanke ba abin ado ba ne. Da shi kawu ke kai taki gona, da shi yake ɗauko wa mutane ruwa da dutse da kara a biya shi, abin da ke riƙe gidansa tun daga kaka har faɗuwar ruwa ke nan. Tun mutuwar san, amalanken na tsaye a ƙofar gida. Da kawu ya ji jimillar rarar, sai ya raba ta da yawan ƴan ƙungiya kamar yadda aka saba, ya ga kasonsa zai kusan kai kuɗin sa matashi. Ya sayar da awakinsa biyu, ya tafi kasuwar Barmu, ya yi ciniki da wani Buzu a kan wani jan sa, aka sallama. Ya ba da kuɗin awakin kafin alƙalami, dillali ya shaida cewa za a jira shi kasuwa biyu. Idan ta biyun ta watse bai cika ba, sa ya koma kasuwa, abin da ya bayar kuma ya tafi. Taronmu zai faɗo tsakanin kasuwannin biyu.

Inna ce ta kira ni ta gaya mini, tana murna. Ina ajiye wayar na buɗe lissafin, ko da yake na san abin da zan gani. Doka ta ce kafin a taɓa rara da sunan rabo, sai an cire aƙalla kashi ɗaya cikin biyar an zuba a asusun ajiya na ƙungiya, an cire wani kashi ɗaya cikin biyar an zuba a asusun horar da ƴan ƙungiya, kuma haka za a yi kowace shekara har sai kowane asusu ya kai yawan jarin da aka rubuta a takardar dokoki. Namu asusan biyu kusan babu komai a cikinsu. Kashi ukun da suka rage suna hannun taro. Kwamitinmu na gudanarwa ya shirya roƙon a ware ɗaya don sabunta rufin magaza. Abin da za a raba kuwa ba a raba shi da kawuna. Ana mayar wa kowa gwargwadon waken da ya kawo wa ƙungiya, domin daga waken rarar ta fito. Kawu buhu biyu kawai ya kawo a wannan kakar. Na lissafa kasonsa idan an yi rufi, na lissafa idan an fasa rufi. Ko ta wace hanya bai kai kuɗin akuya ɗaya daga cikin biyun da ya sayar ba.

Na hau babur na tafi ƙauye kwana biyu kafin taro, na same shi a zaure yana gyaran igiyar da zai ɗaure sabon sa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayanin duka a tsanake, ban tsallake komai ba. Ya saurare ni har na gama ba tare da ya ajiye igiyar ba. Ya ce ya ji, kuma karatuna ya yi kyau, amma tun kafin a haife ni suke kasa kuɗin nan a tabarma, babu wanda ya taɓa tambayar wani buhu nawa ya kawo. Na ce masa sun dangwala yatsa a kan sabuwar doka. Ya ce sun dangwala ne don mutanen birni su ba su bashi, kamar yadda mutum ke cire takalmi a ƙofar mai gari, idan ya fito ya mayar da abinsa. Na roƙe shi ya koma wurin dillali tun da sauran lokaci, ko za a mayar masa da rabin abin da ya bayar. Sai a lokacin ya ɗaga ido.

"In koma in ce mi? In ce ɗan da na kai makarantar lakwal ya duba takarda ya ga ba ni da sa? Kai dai karanta abinka ran taro. Takarda ba ta fi mutane ba."

An yi taron da hantsi a inuwar magaza, maza a kan tabarmi, mata a gefe kusa da bango. Shugaba, wani alhaji mai sanyin magana wanda ba ya son a gan shi a tsakiyar rigima, ya buɗe da addu'a ya ba ni wuri. Kafin in fara, wata tsohuwa da nake kira kaka, wadda wasa ke tsakaninmu, ta tambaya da ƙarfi ina faifan, ko mijin nata na birni ya sayar da shi ya sayi tabarau. Aka yi dariya. Ta ƙara da cewa tsohon ma'aji ko makaho ne yana zuwa da kuɗi, wannan mai ido huɗu takarda ya kawo musu su dafa. Na ce mata ta yi haƙuri, amarya ba ta ganin lefe sai an gama ƙirga shi. Wannan ce dariya ta ƙarshe da aka yi da ni a ranar.

Na rubuta rahoton da Hausa, na kwana biyu ina auna kalmominsa. Na fara da abin da ya shigo da abin da ya fita, na faɗi rarar, aka yi kabbara. Sannan na ce rarar nan ba riba ce irin ta ɗan kasuwa ba. Ƙarin kuɗin wakensu ne da ƙungiya ta samo musu ta hanyar jira, kuma saboda haka wanda ya kawo da yawa shi za a mayar wa da yawa. Na bayyana kason ajiya: shekarar da farashi zai faɗi bayan mun saya, daga nan za a toshe asarar, ba daga rumbun kowa ba, kuma masu ba mu bashi abin da suke fara dubawa ke nan. Na bayyana kason horo. Na ce waɗannan asusai na ƙungiya ne, ba na waɗanda ke zaune a nan kaɗai ba, har da waɗanda za su shigo bayanmu, don haka ba a raba su ko mutum zai fita. Na nuna musu kusurwar rufin da ta ci mana buhuna. Daga ƙarshe na kawo hujjar da nake ganin ta fi kowace ƙarfi, wadda na ajiye ta don rufewa. Na tuna musu cewa a kakar da ta wuce kuɗin sayenmu ya ƙare tun wake bai gama shigowa ba, har muka mayar da wasu ƴan ƙungiya daga bakin sikeli, suka kai wa ƴan kasuwa a farashin wulaƙanci. Da muna da ajiya mai ƙarfi da hakan bai faru ba.

Hujjar gaskiya ce, kuma na san wanda ta fi shafa. Kawu ya kawo buhu biyu a farkon kaka, sansa ya mutu, ya yi kwanaki yana jiran aron amalanken maƙwabci. Ranar da ya iso da sauran wakensa, ni ne a bakin sikeli, ni ne na gaya masa kuɗi sun ƙare. Ya juya da kayan, ya sayar wa wani mai mota daga birni. Sa'ad da nake rubuta rahoton na yi tunanin cire wannan sakin layi, na ga idan na cire shi bayanin ajiyar ya zama maganar takarda kawai, sai na bar shi.

Kawu ya miƙe, ya yi sallama, ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce shi ne wanda aka mayar daga bakin sikeli, kowa ya sani. Ya ce bai ƙi kawo wake ba, ƙungiya ce ta ƙi karɓa. Yanzu kuma ana so a auna kasonsa da abin da aka hana shi kawowa. Ya nuna bangon da muke zaune a inuwarsa, ya tambaya ko da aka gina shi an ƙirga dutse nawa kowa ya kawo. Ya nemi a bar ajiya zuwa baɗi, a kasa rarar bana duka daidai wa daida kamar yadda aka gada. Mutane da yawa suka goyi bayansa, musamman waɗanda ƴaƴansu suka tafi biɗar kuɗi bakin teku ba su noma da yawa ba. Waɗanda suka kawo buhuna masu yawa suka riƙa kallon ƙasa, domin doka na gefensu, ba su bukatar buɗe baki. Shugaba ya shafa gemu, ya ce shi ba mai karatu ba ne, ga mai karatu nan. Ya juyo gare ni.

"Ma'aji, abin da dattijo ya biɗa, doka ta yarda mu ɗaga hannu a kansa?"

Na ce taro yana da iko a kan kason rufi, yana iya fasa shi ya ƙara a rabo. Na ce kason ajiya da na horo ba ya cikin ikon taro, ko kowa ya ɗaga hannu biyu. Rabo daidai wa daida kuma ya saɓa wa takardar da muka yi rajista da ita, idan muka yi shi ba zan iya sa hannu a lissafin ba, kuma asusun lamuni zai gani kafin kaka.

"Wato a'a ke nan," in ji kawu.

"A'a ne, Kawu."

Ya gyaɗa kai ya zauna. Aka ɗaga hannu a kan rufi, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, masu son a gyara suka yi rinjaye da kaɗan. Aka amince da rahoton. Na kira sunaye ɗaya bayan ɗaya ina biyan kowa nasa. Da na kira na kawu bai taso ba; abokin darar tasa ne ya karɓa masa, ya juya kuɗin a tafin hannunsa, ya dube ni kamar ni na faɗa wa gari rabin magana.

Na yi ƙoƙarin da zan iya a kwanakin da suka rage. Na roƙi mai siminti ya ba ni albashin wata uku a gaba, ya ba ni na ɗaya. Na tambayi shugaba ko ƙungiya za ta ranta wa kawu, ya mayar mini da tambayar ko takardar dokokinmu ta tanadi ba da rance, alhali ya san na san ba ta tanada ba. Na kai wa kawu albashin nawa ta hannun Inna, ya mayar da shi ta hannunta, ya ce a gaya wa ma'aji ya zuba a ajiya. Kasuwa ta biyu ta ci ta watse. Wani mahauci daga Tawa ya sayi jan san. Dillali ya ce alkawari alkawari ne, kuma ban ga laifinsa ba, tunda abin da na faɗa a gaban taro ke nan da wasu kalmomi.

Bayan mako guda kawu ya zo magaza ya ce zai fita daga ƙungiya, a ba shi rabonsa na ginin da na ajiyar. Na riga na faɗi amsar a rahoto, amma sai da na sake faɗa masa ita shi kaɗai: mai fita hannun jarinsa kawai yake ɗauka, daidai yadda ya zuba shi. Abin da ya zuba tun kafuwar ƙungiya bai fi kuɗin buhun hatsi ɗaya na yanzu ba. Da kwamiti ya amince, na ƙirga masa su a kan tebur, na tura masa takardar shaida da tawada. Ya dangwala, ya goge yatsan a jikin bango, ya ce wannan karon ya san abin da ya dangwala wa.

An sabunta rufin kafin damina. Da sanyi ya shigo aka kashe wani abu daga asusun horo: aka kai mu ƴan kwamiti wani zaure a Tawa kwana uku, aka koya mana amfanin ajiya a ƙungiyar gama kai, aka ba mu shinkafa da nama da rana, da kuɗin mota. Na shigar da kowace dala a inda ya dace. Mai koyarwar ya nemi kwafin rahotona, ya ce zai riƙa nuna wa wasu ƙungiyoyi.

Kakar da ta biyo bayan taron kuɗin sayenmu bai ƙare ba. Ajiyar ta sa asusun lamuni ya ƙara mana, ba mu mayar da kowa daga bakin sikeli ba, kuma na rubuta hakan a rahotona na biyu domin haka ya faru. Ina tsaye a wurin awo wata ranar kasuwa kawu ya wuce ta gaban magaza, yana kora jakin haya da buhu biyu a kansa, zai kai wa mai mota. Na bar sikelin na fita na gaishe shi. Ya amsa cikakkiyar amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen birni, bai tsayar da jakin ba. Amalanken yana nan a ƙofar gidansa har yanzu, hannayensa biyu a sama, tayoyin sun sace, kajin gidan suna kwana a ƙarƙashinsa. Inna ta ce an taya shi sau biyu ya ƙi sayarwa.